Kafin Ka Tura, Ka Tambaya
(Jawabin sakatare a taron dattawa da shugabannin zumunta)



Yawancinmu mun tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashe mu cikin dare aka ce mu yi wanka da ruwan gishiri, mu kuma sha. Waɗansu sun kwanta asibiti, har an yi rashin rai. Waɗanda suka kira mu a daren nan ba maƙiya ba ne, masu ƙaunarmu ne. Haka yake a zaurenmu na WhatsApp: dattijon da ya turo labari yana tsaron garke ne. In muka ce masa “ƙarya ce” a gaban mutum ɗari, mun ci mutuncinsa.

Kwanan baya wani babanmu ya turo saƙon murya cewa za a kawo hari ranar kasuwa. Mata da yawa ba su fita ba, tumatir ya ruɓe. Ban amsa a zauren ba. Na je gidansa da yamma, muka gaisa, na ce, “Baba, mun gode da kuka faɗakar da mu. Wa ya turo muku, domin mu kira shi mu ji ƙarin bayani?” Muka saurara tare. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba. Sai na nuna masa kibiya biyu a saman saƙon da rubutun “Forwarded many times”, wato saƙon ya ratsa hannu biyar ko fiye. Baba ya yi shiru, ya ce, “Ashe tsince shi aka yi.”

Shi da kansa ya yi sanarwa washegari, da murya, domin ba kowa ke karatu ba: “'Ya'yana, ni ma na tura abin da ban tabbatar ba. Daga yau, kafin mu tura labari, mu san wa ya gani, a ina, wace rana. In babu amsa, a aika wa sakatare shi kaɗai.” Ba wanda ya ji haushi, gama babba ne ya fara da kansa.

Ku lura da abu biyu. Kada mai kula da zaure ya goge saƙon dattijo bai kira shi ba, domin kowa zai ga alamar an goge. Kada kuma mu rufe bakin mutane, gama mu da muke 'yan kaɗan a inda muke zaune, wani gargaɗin gaskiya ne. Saboda haka ina roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu da za su kira wani mazaunin wurin da aka ambata, su kawo amsa cikin sa'a ɗaya.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.