Arrahmanu ko Mai Rahama?

Duk wanda ya zauna fassara Alƙur'ani da Hausa, tun a Bisimilla zai ci karo da wannan tambaya: Arrahmanu, a bar shi yadda yake ko a fassara?

Sheikh Abubakar Gumi ya fassara shi da Mai rahama, kuma kunnen Bahaushe ya saba da hakan. To, amma a je Suratul Furƙan, aya ta 60. An ce wa kafirai su yi sujada ga Arrahmanu, sai suka tambaya mene ne shi. Sunan suke musu a kai. Idan ka sa Mai rahama a bakinsu, mai karatu zai yi mamaki, don ko yaro ya san ma'anar rahama. Idan kuma ka bar Larabcin ko'ina, tsohuwar da ke sauraron tafsiri ta ji suna, ba ta ji tausayin da ke cikinsa ba.

Ni dai fassarar na fi so, da ɗan bayani a ƙasan shafi a irin wannan aya. Abin gudu shi ne sauya ra'ayi a tsakiyar aiki, ko ba Arrahimu kalma ɗaya da shi. Mafassari ya buɗe littafin ajiya tun ranar farko: suna, fassararsa, da ayoyin da aka keɓe. Kafin bugu ya gwada da Suratu Maryam, inda sunan ya zo sau 16, ya ƙirga ko duka sun fito iri ɗaya.