Ku Tambayi Kamarsa Kafin Ku Tambayi Sau Nawa

Maganar bayan gida zan yi, kuma ban ga dalilin neman afuwa ba.

Ƙorafina tsoho ne. A ɗakunan duba marasa lafiya tambayarmu ɗaya ce: "Sau nawa kake fita?" Idan mutum ya ce kullum, sai mu wuce. Idan ya ce bayan kwana biyu, sai mu rubuta maganin wankin ciki. Duka biyun ganganci ne, domin kamar bayan gida ta fi yawan fitarsa gaya mana abin da hanji ke ciki.

Kun san jadawalin Bristol, wanda Lewis da Heaton suka wallafa a 1997, mai kashi bakwai. Na ɗaya ƙwalaye ne masu tauri a rarrabe, irin kashin akuya. Na biyu a haɗe yake amma duk gudaji. Waɗannan su ne taurin bayan gida. Na uku dogo ne mai tsagewa a jiki, na huɗu dogo ne sumul mai laushi, su ne na lafiya. Na biyar guntaye ne masu laushi, yana kan iyaka. Na shida a dame yake, na bakwai ruwa ne zalla. Dalilin jerin ba ɓoyayye ba ne: babban hanji aikinsa tsotse ruwa, duk abin da ya daɗe a ciki sai ya bushe, wanda ya yi saurin wucewa kuma da ruwansa zai fito.

To, daga ina muka samo dokar "sau ɗaya kullum"? A 1992 Heaton da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a gabashin birnin Bristol, kan maza 838 da mata 1,059 daga cikin jama'ar gari. Masu fita sau ɗaya kullum ba fashi, kashi 40 cikin ɗari ne a maza, kashi 33 a mata. Ku sake jin adadin. Abin da muke kira ƙa'ida, ko rabin mutane ba sa bin sa. Kusan ɗaya cikin mata uku ma ba ta fita kowace rana. Shi ya sa iyakar da aka daɗe da amincewa da ita ke da faɗi: daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako. Mai cin tuwon dawa da wake da miyar kuka yana iya fita sau biyu a rana, lafiyarsa ƙalau.

Ku ɗauki mutum biyu. Wata baiwar Allah tana fita kullum, amma da nishi da yunƙuri, ta tashi tana jin da saura. A ba ta jadawalin, ta riƙa rubuta lamba tsawon mako guda. Idan cikin fita bakwai huɗu sun faɗa na ɗaya ko na biyu, ta zarce kashi ɗaya cikin huɗu da ake ɗauka a matsayin alamar taurin bayan gida, duk da ba ta fashi. Sai a bincika: ruwa nawa take sha, tana shan ƙwayar ƙarin jini, ko maganin ciwo irin su taramadol ko kodin? Ɗayan kuwa magidanci ne mai fita bayan kwana biyu, lamba huɗu, ba wahala. Ba abin da ke damunsa, amma mai lasifika a kasuwa ya ce masa basir ne, yana ta ɗirkar filasko.

Haka gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an yi mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a rana. Jariri mai shan nono zalla yana yin mai laushi sau da yawa, kuma ba zawo ba ne. Amma nawa ake ɗura wa filajil a banza? Yaron da ke zawon gaske kuwa, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki yake buƙata da farko.

Wasu abokan aiki suna cewa a masai ba a ganin komai, kuma mutanenmu suna da kunya. Amma iyaye mata suna ganin fo kullum, babba kuma ya san ko ya yi yunƙuri. Kunyar ma ita ce hujjata: nuna lamba da yatsa ya fi kwatantawa da baki sauƙi.

Jadawalin bai san launi ba. Jini, ko baƙi ƙirin mai yauƙi, ko rama, ko sauyin da ya ɗauki makonni ga wanda ya manyanta, duk sai an bincika ko da lamba huɗu ce. Mai kama da ruwan shinkafa kuwa a ɗauke shi kwalara, a garzaya asibiti.

Abin da nake nema bai sauya ba. A liƙa jadawalin da rubutun Hausa da ajami a kowace ƙaramar asibiti, a sa gurbin lambar a katin mara lafiya, kuma a daina rubuta maganin wankin ciki sai an cike gurbin.