Ɗanyar Rara da Cikakken Kasafi: Hanyoyi Biyu na Auna Reshen Gona

Ɗalibin da ke karatun sarrafa harkokin gona yakan haɗu da hanyoyi biyu na auna abin da wani reshen gona ke kawowa. Reshe a nan yana nufin sana'a ɗaya a cikin gonar, kamar noman masara ko kiwon kaji. Hanya ta farko ita ce lissafin ɗanyar rara, wanda malaman fannin ke kira giros majin, wato abin da ya saura daga kuɗin amfanin reshen bayan an cire kuɗaɗe masu sauyawa kawai, irin su iri, taki, maganin ciyawa, buhuna da ladan 'yan ƙodago, waɗanda ke hawa ko sauka gwargwadon girman abin da aka noma. Ta biyu ita ce cikakken kasafin reshe, wanda ke ci gaba daga inda ta farko ta tsaya, ya ɗora wa reshen kasonsa na tsayayyun kuɗaɗe, wato waɗanda sai an biya ko an shuka ko ba a shuka ba, kamar hayar fili, albashin ma'aikaci na dindindin, ruwan bashi da raguwar darajar garma ko tarakta saboda tsufa.

Ɗanyar rara ta samu karɓuwa a Birtaniya a farkon shekarun 1960, inda ake danganta yaɗuwarta da David Wallace na Jami'ar Cambridge da malaman gona na gwamnati, kuma littafin aljihu na John Nix na Kwalejin Wye, wanda ya fara fitowa a 1966, ya mayar da ita ma'aunin yau da kullum. Cikakken kasafi kuwa ya fi kafuwa a jami'o'in aikin gona na Amurka, waɗanda har yanzu suke buga kasafin kowace shuka domin manoman jihohinsu.

Bambancin hanyoyin ya fi fitowa idan aka ɗauki misali, kuma alƙaluman da ke tafe na ƙaddarawa ne domin koyarwa. A ɗauka manomi yana da hekta 4, biyu na masara, biyu na waken soya. Kowace hekta ta masara tana ba da buhu 30 a kan naira 40,000, wato naira 1,200,000, ta kuma ci naira 700,000 na kuɗaɗe masu sauyawa, don haka ɗanyar rararta naira 500,000 ce. Hektar waken soya tana kawo naira 600,000, ta ci naira 350,000, ta bar naira 250,000. Jimillar ɗanyar rarar gonar ta kama naira 1,500,000, kuma idan tsayayyun kuɗaɗe na shekara sun kai naira 1,200,000, ribar gonar gaba ɗaya naira 300,000 ce.

Ɗalibin da aka umarta ya rubuta cikakken kasafi dole ne ya raba wannan naira 1,200,000 tsakanin rassan biyu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce rabon fili, naira 300,000 ga kowace hekta. Da wannan rabo masara za ta fito da ribar naira 200,000 a hekta, waken soya kuma da faɗuwar naira 50,000, sai ɗalibin ya rubuta a ƙarshen takardarsa cewa a daina noman waken. Idan manomin ya bi shawarar ya bar hektocin biyu saura, ɗanyar rararsa za ta koma naira 1,000,000 alhali haya da albashi da tsufan garma suna nan yadda suke, don haka gonar da ke cin ribar naira 300,000 za ta wayi gari da faɗuwar naira 200,000. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, da ɗalibin ya yi rabon bisa yawan kuɗin da kowane reshe ya shigo da shi, masara za ta ɗauki kashi biyu cikin uku, waken soya kuma ya fito da ribar naira 50,000 a hekta. Gona ɗaya ce, damina ɗaya, babu buhun da ya ƙaru ko ya ragu, amma hukuncin ya juya saboda zaɓin mai lissafi kawai. Alamar da malami zai gane wannan kuskure da ita ita ce ya tambayi ɗalibi wane kuɗi ne zai daina fita daga aljihun manomi idan aka bar reshen. Duk wanda ba zai daina fita ba, ba shi da hurumi a cikin wannan shawara.

Sai dai ɗanyar rara ma tana da nata tarkon, kuma shi ya fi kama ɗalibai, domin sau da yawa akan ga binciken kammala digiri ya lissafa ta, sannan ya sanar da cewa noman kaza yana da riba, alhali ba a taɓa tsayayyun kuɗaɗe ba. A misalin nan, buhun masara zai mayar da kuɗaɗe masu sauyawa idan ya kai kimanin naira 23,300, amma bisa rabon fili ba zai ɗauki nauyin komai da komai ba sai ya kai kimanin naira 33,300. Farashin da ya faɗa tsakanin biyun yana barin manomi ya ci gaba da noma na damina ɗaya ko biyu, yana cin jarinsa a hankali ba tare da ya lura ba, har ranar da garma ta lalace babu kuɗin wata. Wanda zai karɓi hayar sabon fili, ko ya nemi rancen banki, ko hukumar da ke son sanin abin da noman buhu ɗaya ke ci, cikakken kasafi ne ya dace da su, saboda a wurin wanda bai fara ba tukuna babu kuɗin da ya riga ya tsaya.

A gonar ƙaramin manomi a ƙasar Hausa hanyoyin biyu duk suna cin karo da matsalar da littattafan Turai da Amurka ba su cika damuwa da ita ba. Filin gado ne, aikin na iyali ne, tsayayyun kuɗaɗe na zahiri kaɗan ne, don haka cikakken kasafi yana dogara da kuɗaɗen ƙiyasi, wato abin da fili zai kawo da an ba da shi haya, da abin da 'yan gida za su samu da sun tafi ƙodago. Ranar aiki a tsakiyar noman farko kuwa ba ɗaya take da ranar aiki a watan rani ba, kuma mai kasafin da ya saka musu farashi ɗaya ya riga ya ɓata lissafinsa. Binciken da David Norman ya jagoranta daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a ƙauyukan Zariya, daga tsakiyar shekarun 1960, ya nuna cewa ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin cire ciyawa, shi ne babban abin da ke taƙaita noma, kuma haɗa shuke-shuke a gona ɗaya, kamar gero da dawa da wake, yana biyan aikin wannan lokaci fiye da shuka guda. Saboda haka raba ɗanyar rara da yawan hekta, wanda ya dace da inda fili ke wuya, yana iya ɓatar da mai lissafi a inda hannu ko kuɗin taki ne ke wuya. A can kamata ya yi a raba ta da kwanakin aiki na lokacin matsi, ko da nairar da aka zuba. Wannan ne ma amsar mai tambayar me ya hana manomin misalin nan cika hekta huɗun da masara: kuɗin taki zai ninka, noman duka zai faɗo a makonni ɗaya, kuma zai rasa abin da waken soya ke yi wa ƙasa na ƙarin sinadarin naitirojin da rage ƙuduji, amfanin da masarar baɗi ke ci amma babu kasafin reshe ɗaya da ke rubuta shi da sunan waken.

A tsarin koyarwa, abin da ya fi dacewa shi ne a fara da ɗanyar rara, a tara ta dukan rassa, a cire tsayayyun kuɗaɗe dunƙule a matakin gona, sannan a kawo cikakken kasafi tare da tilasta wa ɗalibi ya yi rabon ta hanyoyi biyu aƙalla a kan gona ɗaya, ya kuma rubuta ƙa'idar rabon da ya bi a saman kowace takarda.