Wace ƙofa aka rufe a wayarka?

Daga Sakasaka, nan Tamale, 'yan kasuwa na yawan tambaya: na kunna VPN a cikin Opera, shin wayata ta tsira ke nan? Amsa ita ce a'a, ba duka ba.

Abin da ke cikin Opera ta kyauta, da irin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome a kwamfuta, furoksi ne, wato ɗan aike. Shafin da ka buɗe a cikin wannan burauzar kaɗai yake ɗauka ya zagaya da shi ta wata ƙasa. Kamar ka ɗauki ɗan rakiya ne ga sa guda, sauran garken na tafiya a fili. Cikakken VPN kuwa manhaja ce da ke tattara duk abin da wayar ke aikawa ta intanet, ta rufe shi, sannan ta fitar. A wayar Android za ka ga hoton ɗan makulli a can sama.

To, ga dillalin shanu ya kwana a masauki a Paga, ya hau waifai na kyauta. Ya duba farashi a Opera: mai masaukin ba zai san shafin ba. Sai ya koma manhajar banki da Facebook. Waɗannan ba su bi ta hannun ɗan aiken ba. Yawancinsu suna da nasu kulle, don haka ba a karanta abin da ya rubuta, amma mai waifai na iya gane inda yake shiga da lokacin. Da cikakken VPN, abin da zai gani kawai shi ne wayar na magana da kamfanin VPN. Sai dai fa yanzu kamfanin ne ke ganin inda ka nufa. Amana ce ka ɗauke daga wannan hannu ka kai wancan, shi ya sa na kyauta ba ya kwanta mini a rai. A 2015 aka gano Hola na sayar wa wasu hanyar intanet ɗin masu amfani da ita.

Gwajin ba wuya. Rubuta "what is my IP" a Opera ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da suka fito, sannan ka buɗe wannan shafin a Chrome. In wannan ya ce Turai, wancan ya ce Ghana, to furoksi gare ka.

Sai maganar kuɗi. In ka danna *170# don MoMo, saƙon ba ta intanet yake bi ba, ta layin MTN yake bi kai tsaye. Furoksi bai taɓa shi, VPN ma haka. Kira da saƙon tes ma haka suke. Wanda ya bugo ya ce daga ofis yake, a karanto masa lambar sirri, ka kashe wayar kawai, ko da makulli goma ne a saman allonka.