Shiri na 14: Layuka ukun farko na takardar neman jari

Yau a kan takardar neman jari za mu tsaya, musamman taƙaitaccen bayanin nan na shafin farko.

Kwanaki wani ƙanena daga Gidan Goga ya turo min tasa in duba masa. Injin casar shinkafa yake so ya kafa. To, da na buɗe, sai na tarar ya fara da tarihin madatsar ruwa ta Bakolori: yadda aka kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da yadda manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun ke noman rani da ruwanta. Duk gaskiya ne. Amma fa sai a shafi na huɗu na ga nawa yake nema.

Na ce masa, "Ƙanena, jami'in bankin da za ka kai wa takardar nan a Gusau ya san Bakolori. Abin da bai sani ba uku ne: me za a samu, nawa za a kashe, yaushe za a gama."

Sai muka sake rubuta farkon kamar haka:

"Za mu kafa injin da zai riƙa cashe buhu 20 na shinkafa a rana a Gidan Goga. Aikin zai ci naira miliyan 4. Muna da miliyan 1, muna neman rancen miliyan 3. Injin zai fara aiki wata 3 bayan karɓar kuɗi, za mu gama biya cikin wata 18."

Kun ji? Tarihin madatsar ba mu jefar da shi ba. Mun mayar da shi shafi na biyu, inda ya zama hujjar cewa akwai shinkafar da injin zai ci har da rani.

Wurin gyaran, ku kula da abu biyu. Na farko, kuɗin da ke sama dole ya yi daidai da jimillar kasafin da ke ciki. A nasa, inji miliyan 2.5 ne, rumfa da janareta dubu 900, gas da albashin farko dubu 600. Ka ga miliyan 4 cif. Da an sami bambanci, mai karatu zai daina yarda da sauran lissafin.

Na biyu, kada ku ce "za mu fara a Janairu". In kuɗin ya makara, alƙawarinku ya karye tun ba a fara ba. Ku ƙirga lokacin daga ranar da kuɗi ya shigo.

Kafin ka miƙa takardar, ba wani wanda bai san harkar ba sakin layin farko kawai ya karanta, sannan ka tambaye shi abubuwan nan uku. In ya yi inda-inda a ɗaya, da sauran gyara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.