Ƙugin Mota da Saitin Taima

Mai son rage gudun ƙaramar motar lantarki da Arduino Uno yakan yi amfani da PWM, wato kunna wuta da kashe ta cikin sauri. Taima ta ɗaya takan yi hakan sau 490 a daƙiƙa, kuma kunne na jin wannan, shi ya sa motar ke ƙugi. Maganinsa, a zaɓi yanayi na 14, a bar agogon ba rabawa, a sa 799 a `ICR1`. Bugun agogon miliyan 16 a raba da 800, an samu 20,000, sama da jin yawancin mutane. Sa 200 a `OCR1A` na ba da kusan kwatan ƙarfi. Amma don Allah kada ku haɗa mota kai tsaye da ƙafa ta 9 inda PWM ɗin ke fita, ku sa taransista tsakani, ku kuma haɗa dayod a tsakanin wayoyin motar biyu.