Amsoshin Wasiƙunku: Allon Majigi Ya Cika Da Rubutu

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga Bahindi, ƙaramar hukumar Bagudo, daga hannun sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa. Ya ce ya haska bayanin noman rani da majigi, layi 12 a shafi ɗaya, amma aka watse wasu ba su ma san ranar zuba taki ba. Yana tambaya ina gyaran yake.

To Malam Sakatare, laifin ba na jama'arka ba ne. Mutum ba ya karatu da sauraro a lokaci guda, kuma na bayan taro ba ya hango ƙananan baƙaƙe. Gyaran hawa uku ne.

Da farko ka haɗa kowane abu da ɗan'uwansa. Na duba layukan da ka aiko. Zaɓen iri, gyaran fili, renon iri da tanadin man injin ban ruwa, duk aikin kafin dashe ne. Dashe, taki, ban ruwa da cire ciyawa, aikin cikin gona ne. Yanka, bugu, shanya da kai wa kasuwa, na ƙarshe ne. Ka ga 12 sun koma gida uku.

Na biyu, ka raba. Kowane gida ka ba shi shafinsa, layi huɗu kacal. In da PowerPoint kake aiki, latsa Duplicate Slide sau biyu, ka goge abin da ba na gidan ba a kowane shafi, sannan ka ƙara girman baƙaƙen ya kai 30. Kan magana kuma ya faɗi saƙon kai tsaye. Maimakon “Dashe”, rubuta “A yi dashe iri na da kwana 21”.

Na uku, abin da ke tafiya da lokaci zane ya fi dacewa da shi. Ja layi ɗaya, tun daga ranar zuba iri har ranar yanka, wajen wata huɗu ke nan in FARO 44 ce. Sa hoton tsiro a ranar dashe, buhu a ranakun taki, lauje a ƙarshe. Wanda bai yi boko ba ma zai gane. Amma fa a kula, ma'aunin taki da na maganin feshi da kuɗin da kowa zai biya, a rubuta su da lamba ɓaro-ɓaro, domin zane ba ya faɗin awo.

Kafin taro, ka tsayar da mutum a sahun ƙarshe, ka haska shafin ɗan lokaci kaɗan ka rufe. In ya kasa faɗin abin da ya gani, da sauran aiki. In babu wuta, ka yi haka a kan kwali uku.

Allah ya ba da yabanya mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.